Daga hoton leza zuwa samfurin BIM: inda aikin ke cijewa a tsohon bangon tubali

Wanda ya taɓa tsayawa a gindin wani tsohon zaure a cikin birnin Kano ko Zariya ya ɗaga kai, ya san bangon ba a miƙe yake ba. Gindinsa ya fi kauri, yana hawa yana sirancewa, kusurwarsa a dunƙule take, kuma in ka shafa hannu za ka ji tudu da kwari na yaɓen shekara da shekaru. Yanzu akwai na'urar leza da za a kafa a gaban wannan bango ta auna shi ɗigo-ɗigo cikin 'yan mintoci, kuskurenta bai wuce 'yan milimitoci ba. Daga nan sai a ce a mayar da awon zuwa samfurin BIM, wato ginin da aka sake ginawa a kwamfuta, inda kowane bango da ƙofa da rufi yake abu mai zaman kansa, da sunansa da kaurinsa da bayanin abin da aka yi shi da shi. A tsakanin awon da samfurin ne ake yin asarar da mutane da yawa ba sa lura da ita, kuma asarar ta fi yawa a gini irin namu na ƙasa.

Sunan HBIM, wato BIM na gine-ginen tarihi, ya bazu ne daga aikin Maurice Murphy da abokan aikinsa a Dublin, wajajen 2009. Dabararsu ita ce a tanadi rumbun sassan gini da aka riga aka zana, ginshiƙi da taga da baka, wato lanƙwasasshen ginin da ke ɗaukar nauyin abin da ke samansa, ana ɗauko ƙa'idojinsu daga tsofaffin littattafan magina na Turai, sannan a ɗora kowane sashe a kan awon leza a daidaita tsawonsa da faɗinsa. Wannan ya yi aiki a can, domin ginin da suke aunawa da ƙa'idar littafi aka gina shi tun asali. Magininmu bai buɗe littafi ba. Da hannu ya mulmula tubalinsa, ya jera shi cikin kwaɓaɓɓiyar ƙasa, yana rage yawan layuka yayin da bango ke hawa, ido da gwaninta su ne ma'auninsa. Saboda haka babu wani rumbun sassa da za a ɗauko bangonsa daga ciki.

Yadda aikin ke tafiya

Na'urar tana zaune a kan ƙafa uku, tana juyawa tana harba hasken leza, tana auna nisan duk abin da hasken ya taɓa. Abin da take bayarwa tarin ɗigo ne, miliyoyi, kowanne da lambobi uku da ke nuna matsayinsa, galibi har da launi. Akan saita ta yadda tazarar ɗigo za ta kasance kamar milimita 6 a nisan mita 10, wanda ke nufin milimita 3 a nisan mita 5. Ba ta ganin abin da ke bayan ginshiƙi ko bishiya ko tarin itace, don haka sai an yi ta matsar da ita wuri-wuri. Saman soro da bayan zanko kuwa daga ƙasa ba sa ganuwa, sai a haɗa da hotunan jirgi marar matuƙi, waɗanda manhaja ke fitar da nasu tarin ɗigon daga cikinsu.

Sai ɗinki. Kowane zama na na'urar yana da nasa tarin ɗigo, dole a ɗinke su su zama ɗaya, ko ta alamomin da aka liƙa a jikin gini, ko ta barin manhaja ta daidaita wuraren da tarin biyu suka yi tarayya. Bayan haka a share shara: mutumin da ya gifta, akuya, wayar lantarki, ƙura. A ajiye tarin a fayil irin E57, a shigar da shi manhajar BIM irin Revit ko Archicad, mai zane ya yanka shi a kwance da a tsaye, yana bin yankan yana gina bango. Mataki na ƙarshe, wanda aka fi tsallakewa, shi ne a dawo a gwada samfurin da tarin ɗigon a ga nawa suka saɓa.

Mu ɗauki zaure guda mu bi shi. Lambobin na misali ne, amma irin waɗanda ake tararwa ne a ginin tubali. Cikinsa mita 5 ne kowane gefe, tsayin bango mita 4, kaurinsa santimita 90 a gindi da 45 a sama. Bangon gabas za mu duba, domin shi ne ruwan damina ya fi duka a ƙasar Hausa. Tsawonsa daga waje mita 6.8.

Kuskuren da ke shiga tun kafin a fara zane

Na'ura ba ta auna kaurin bango. Fuskar waje take aunawa daga titi, ta auna fuskar ciki daga cikin zaure, kauri kuwa shi ne tazarar da ta fito bayan an ɗinke biyun. To, me ya haɗa ciki da waje? Ƙofa ce kawai, ƙofar zaure kuma ƙunci gare ta, bangon da ta ratsa yana da kauri kusan mita guda. Abin da na'urar waje da ta ciki suka gani tare ɗan kaɗan ne, shi ma bango ne mai laushin siffa, babu kaifin kusurwa da manhaja za ta kama. A irin wannan yanayi tarin ciki yana iya juyawa ɗan kaɗan ba a sani ba. Juyawar kashi ɗaya cikin goma na digiri, wadda ido ba zai taɓa gani ba, tana zama milimita 12 a nisan mita 7. Ka ga an ƙara wa wani gefen bango kauri, an rage wa wani, alhali manhaja tana nuna maka cewa ɗinkin ya yi kyau, domin ita matsakaicin saɓanin wuraren da suka haɗu kaɗai take lissafawa.

Maganin wannan a fili ake yin sa, ba a ofis ba. A kafa na'urar a bakin ƙofa daga waje, a tsakiyar ƙofa, sannan daga ciki, ko da za a ga kamar ɓata lokaci ne. A sa alamomi a ciki da waje, safiyo ya auna su da na'urarsa daban, don a sami abin da za a ƙure ɗinkin da shi. In zauren yana da ƙofa biyu, a shiga ta ɗaya a fita ta ɗayar, a zagayo a rufe da'ira. Sannan a ɗauki tef a auna kaurin bango da hannu a kowace ƙofa da taga, a rubuta. Gane ɗinkin da ya lalace ba shi da wuya: yanka tarin ɗigon siriri, kaurin santimita ɗaya, ka duba. In ka ga fuskar bango ɗaya ta fito layi biyu kusa da juna, an yi ɗinkin banza, kuma duk abin da aka gina a kansa zai gaji wannan kuskure.

Akwai ƙananan abubuwa da su ma suke rage ingancin awo. Lungunan tsohon birni suna da ƙunci, sai a tilasta wa na'ura ta kalli dogon bango a kaikaice, ɗigon ya yi nisa da juna, kuskure ya ƙaru. Rufin da hayaƙi ya baƙanta yana shanye haske. Ƙurar hunturu tana cika tarin da ɗigon ƙarya. Duk waɗannan ana iya shawo kansu da ƙarin zama da zaɓen lokaci.

Bango miliyan ɗigo, bango lamba uku

Fuskar wajen bangonmu murabba'in mita 27 ce da 'yan kai. In tazarar ɗigo milimita 5 ce, kowane murabba'in mita yana da ɗigo 40,000, bangon gaba ɗaya ya haura miliyan ɗaya. A Revit kuwa, bango na yau da kullum layi ne a ƙasa, da tsayi, da kauri. Aikin mai zane shi ne ya matse miliyan ɗigo ya koma waɗannan 'yan lambobi, kuma babu yadda za a yi haka ba tare da zubar da wani abu ba. Tambayar ita ce me aka zubar, kuma wa ya yanke shawarar.

Hanya mafi sauƙi, wadda mai gaggawa ke bi, ita ce ya yanka tarin a tsayi guda, ya ga kauri kamar santimita 60, ya ja miƙaƙƙen bango mai wannan kauri daga ƙasa har sama. In ya daidaita shi da fuskar ciki, wadda ta fi kusa da miƙewa, to a waje ya rage wa gindi santimita 30, ya ƙara wa sama 15. Lissafin ƙasar da ke cikin bangon zai ba shi kubik mita 16.3. Gaskiyar lissafi, da matsakaicin kauri santimita 67.5, ya kai 18.4. Bambancin kubik mita 2 ne, nauyin ƙasa sama da tan uku, a bango ɗaya tak. Injiniyan da zai lissafa nauyin da harsashi ke ɗauke da shi, da mai ƙididdigar kayan gyara, duk za su ɗauki lambar samfurin a matsayin gaskiya, domin samfurin ya fito tsaf, kuma an ce musu da leza aka auna.

Manhajojin sun ɗan gyara wannan. Revit ya kawo bango mai karkata a fitowar 2021, ya kawo mai sirancewa a ta 2022. Da shi za a iya cewa gindi 90, sama 45, kuma lissafin ƙasa zai matso kusa da daidai. Sai dai fuskar har yanzu shafaffiya ce kamar allo. A bangonmu, bayan an ɗora wannan shafaffiyar fuska a kan tarin ɗigo, abu biyu suka rage. A tsayin mita ɗaya da rabi bangon ya yi ciki, ya turo waje da santimita 7 a faɗin kamar mita 2. A gindi kuma, daga ƙasa zuwa tsayin santimita 40, ruwan da ke fantsama da danshi sun cinye shi har zurfin santimita 12.

A nan ne nake ganin zuciyar maganar take. Ga mai zane, wannan ciki da wannan rami saɓani ne da ke hana samfuri kyau. Ga mai kula da gini, su ne dalilin da ya sa aka kira masu awo tun farko. Bangon da gindinsa ya zaizaye yana tsaye ne a kan ƙafar da ta sirance, kuma shi ne ke zubewa a tsakiyar watan Agusta. Samfurin da ya share ramin ya share gargaɗin.

Cikin da bangon ya yi kuma yana da fassara fiye da ɗaya, kuma awon leza yana iya raba su in an san inda za a duba. A yanka tarin a tsaye daidai wurin, a kalli fuska biyun tare. In fuskar ciki ita ma ta lanƙwasa waje da kusan santimita 6 ko 7 a tsayi guda, kauri bai canza ba, to bangon ne gaba ɗaya yake tafiya, wataƙila baka tana tura shi, ko harsashi ya sauka. Wannan magana ce ta gaggawa, ta tokara da kiran injiniya. In kuwa fuskar ciki a miƙe take, waje kaɗai ya kumbura, to ko dai yaɓe ne aka yi ta ƙarawa a wurin shekara bayan shekara, ko kuma yaɓen ya rabu da jikin tubali ya bar kogo a baya. Raba waɗannan biyun ba aikin leza ba ne. Sai mutum ya je ya ƙwanƙwasa da bayan yatsa ya saurara, kamar yadda magina ke yi. Ka lura kuma cewa duk wannan hukunci ya rataya ne a kan ingancin ɗinkin ciki da waje. Kuskuren milimita 12 ba zai ɓoye cikin santimita 7 ba, amma zai rikita ka in motsin santimita 2 kake nema.

Hanyoyin da ake bi don kama lanƙwasa

Ɗaya ita ce raga. Manhaja tana haɗa ɗigon uku-uku ta saƙa fata mai bin duk tudu da kwarin bango. Ita ce ta fi kusa da gaskiyar siffa, amma fata ce kawai, ba ta san ita bango ba ce. Ba za ka saka mata ƙofa ta buɗa mata gurbi ba, ba za ka raba ta zuwa tubali da yaɓe ba, kuma in ka shigar da ita da cikakken nauyinta sai kwamfuta ta riƙa cijewa. Ana rage mata yawan saƙa kafin a shigar, kuma kowane ragi yana goge wani abu. Abin da ya fi damuna da ita shi ne cike gurbi. Inda na'ura ba ta gani ba, bayan tulun ruwa ko ƙarƙashin indararo, manhajar takan rufe ramin da fata mai santsi da ta ƙirƙira, kuma bayan an shafa launi babu mai iya bambance abin da aka auna da abin da aka ƙaga.

Ta biyu ita ce a yanka bango a kwance duk santimita 50 ko 25, a zana lanƙwasar kowane yanka, a ja fuska mai santsi ta bi ta kansu, galibi a manhajar zane ta Rhino, sannan a kai ta Revit a mayar da ita bango. Wannan tsaka-tsaki ne mai kyau: cikin santimita 7 zai fito, sirancewa za ta fito, fayil ba zai yi nauyi ba. Amma duk abin da ya faɗo tsakanin yanka biyu ya ɓata. Ramin gindinmu tsayinsa santimita 40 ne, don haka in aka yi yanka na farko a santimita 50, an tsallake shi ɗungurungum. Dole mai zane ya ƙara yanka a gindi, da ƙarƙashin indararo, da inda baka ta taso daga bango, kuma ba zai san haka ba sai in ya san inda ginin ƙasa ke ciwo. Irin wannan bango kuma ya daina zama mai saurin gyara: ba za ka canza lamba ɗaya ya bi ba, sai ka koma ka sake jan fuskar.

Akwai wata matsala da babu ɗayan hanyoyin da ya warware ta. BIM yana tunani ne da sassa: nan bango ya ƙare, nan ginshiƙi ya fara, wannan rufi ne. Shiga tsohon ɓangaren Masallacin Juma'a na Zariya, wanda shahararren magini Babban Gwani ya gina a wajajen shekarun 1830, ka nuna mini layin da ginshiƙi ya ƙare baka ta fara, ko inda baka ta narke cikin tulluwa. Yaɓe ya lulluɓe su duka ya mai da su jiki guda. Duk layin da mai zane ya ja a nan, nasa ne, ba na ginin ba. Bakar nan da magina ke kira bakan gizo kuma ba yankin da'ira ba ce da za a ba shi tsakiya da faɗi. Azara ce aka jera mataki-mataki, kowace tana miƙowa gaba da ta ƙasanta, aka ɗaure, aka lulluɓe da ƙasa, hannu ya fitar da lanƙwasar. Baka biyu a ɗaki ɗaya ba sa zama daidai da juna. Mai zanen da ya zana ɗaya ya kwafe ta sau huɗu ya yi saurin gamawa, amma ya goge bambancin da zai nuna wace ce ta fara sauka.

Gwajin samfuri, da lambar da ke yaudara

Gwajin ba shi da tsada. Manhajar CloudCompare kyauta ce, kuma tana lissafa nisan kowane ɗigo daga fuskar samfuri. A umarnin nan, gabas.las shi ne tarin ɗigon bangon gabas, gabas.stl kuma samfurinsa:

```
CloudCompare -SILENT -O gabas.las -O gabas.stl -C2M_DIST
```

Sakamakon taswira ce mai launi: inda bango na gaskiya ya turo gaban samfuri launi ɗaya, inda ya shige ciki wani launi. Abin kiyayewa shi ne kada a karɓi matsakaici. A bangonmu cikin da ya turo ƙari ne, ramin gindi ragi ne, in aka haɗa su sai su cinye juna, rahoto ya ce matsakaicin saɓani bai kai santimita ɗaya ba. Lambar gaskiya ce, amma ba ta faɗi komai ba. Abin da za a nema shi ne kashi nawa na ɗigon suka faɗa cikin iyakar da aka amince, mene ne saɓani mafi girma, kuma a ina yake a jikin bango.

Iyakar ita ma sai an faɗe ta tun kafin a fara. Ƙungiyar USIBD ta Amurka ta tsara matakan ingancin awo, waɗanda ake kira LOA, da ake yawan amfani da su: LOA20 daga milimita 15 zuwa santimita 5, LOA30 daga milimita 5 zuwa 15, LOA40 daga milimita 1 zuwa 5, duk a kan kashi 95 cikin ɗari na awo. Abin da ya fi amfani a tsarin nasu shi ne sun raba ingancin awo da ingancin abin da aka zana. Ana iya auna zaure a LOA30 a zana shi a LOA20 ko ƙasa da haka. Wanda ya ce maka aikinsa daidai yake har milimita 5, tambaye shi: tarin ɗigon ko samfurin? A bangon tubali, neman samfuri mai sassa ya tsaya cikin milimita 5 ko'ina neman abin da ba zai samu ba ne, sai dai a kawo raga a kira ta bango. A ganina iyakar santimita 3 zuwa 5 ta wadatar ga samfurin da za a yi amfani da shi wajen tsara gyara da ajiye bayanai, da sharaɗin duk inda aka wuce iyakar a nuna shi a taswira, kada a shafe.

Abin da ke cikin bango, da ranar awo

Leza fata take gani. Layi nawa na tubali ke cikin santimita 90 ɗin nan, ba ta sani ba. Ko an saka azara a kwance cikin bango, ko kan azarar rufi da ya shige ciki ya ruɓe, ko gara ta yi gida, ko akwai tsohuwar ƙofa da aka toshe aka yaɓe, duk ba ta gani. Amma manhajar BIM ba ta son gurbi: tana so a faɗa mata abin da ke cikin bango, kuma da zarar an rubuta mata yaɓe santimita 5, tubali 80, yaɓe 5, sai ta zana shi a kowane yanka da tsabtar da take zana ginin siminti. Mai karɓar zanen ba shi da hanyar sanin cewa zato ne. Na'urar rada da ke leƙa cikin bango tana taimakawa, sai dai jiƙaƙƙiyar ƙasa mai yumɓu tana shanye siginarta. Kyamarar zafi tana nuna danshi da yaɓen da ya rabu, ba ta nuna zurfi. Mafi yawan abin da za a sani game da cikin bangon zai fito ne daga wurin da ya riga ya fashe, da kuma bakin tsohon maginin da ya taɓa gyara shi ko ya ga mahaifinsa yana gyarawa.

Don haka nake ganin kowane sashe a samfurin ya kamata ya ɗauki gurbin bayani da ke cewa daga ina aka san shi: an auna, an gani da ido a inda ya fashe, magini ya faɗa, ko zato ne daga gine-gine makamantansa. Ƙara wannan gurbi aikin minti biyar ne, kuma ana iya sa samfurin ya ba kowane mataki launinsa, yadda duk wanda ya buɗe zai ga kore a fuskar bango, ja a cikinsa. A wannan kaɗai BIM ya fi raga da tarin ɗigo nesa ba kusa ba: shi ne wurin da za a rubuta cewa an sake yaɓen bangon gabas da makuba a shekara kaza, wane ne ya yi, daga wace kududdufi aka ɗebo ƙasa, da hoton tsagewar da aka gani kafin a rufe.

Sai maganar lokaci. Ginin dutse in an auna shi, awon yana daɗewa yana aiki. Awon leza da masanin tarihin gine-gine Andrew Tallon ya yi wa cocin Notre-Dame na Paris ya yi amfani bayan gobarar 2019, shekaru bayan an ɗauke shi. Fatar ginin ƙasa kuwa kowace damina tana raguwa, kowane yaɓe yana ƙara ta. Hasumiyar masallacin Agadez, mai tsayin mita 27, tana tsaye ne saboda ana sabunta mata yaɓe, kuma siffarta ta bana ba ita ce ta shekaru goma baya ba daidai wa daida. Awon da aka yi wa zaurenmu a watan Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke, da wanda aka yi a watan Maris bayan an yi yaɓe, za su iya saɓawa da santimitoci a gindin bangon gabas, kuma dukansu daidai ne. Dole ranar awo ta kasance a jikin samfurin, tare da bayanin ko kafin yaɓe ne ko bayansa.

In kuma ana so a san ko cikin nan na santimita 7 yana ƙaruwa, ba samfurin bara da na bana za a gwada ba, domin kuskuren zanen kowannensu ya fi motsin da ake nema girma. Tarin ɗigon bara za a gwada da na bana kai tsaye. A ɗaure su biyun a kan alamomin da aka kafa a wajen ginin, a kan abin da ba ya motsi kuma ba a yaɓe shi, kamar ƙusar da aka dasa cikin kankare a ƙasa. In aka bar manhaja ta daidaita su a kan bangon kansa, za ta raba motsin ta watsa shi ko'ina har ya ɓace. A fara duba fuskar ciki, domin ita ruwa ba ya cin ta kuma ba kasafai ake taɓa ta ba, don haka in ta matsa, bango ne ya matsa. A yi awon a wata ɗaya kowace shekara. Ɗinki biyu kowanne da kuskurensa na 'yan milimitoci, saboda haka bambancin da bai kai santimita ɗaya ba kada a gina hukunci a kansa, a bar shi sai awo na uku ya nuna ko gefe guda yake tafiya.